Neman ƙarin wa'adin aiki: fitar da sabuwar rana da lissafi kafin rubuta wasiƙa

"Malam, barka da aiki. Wata ƙungiya ta ba ni kwangilar rubuta rahoton binciken jin ra'ayin abokan hulɗarta, zan miƙa ranar Juma'a 18 ga Yuli. Rassansu ne ya kamata su turo min bayanan tun Litinin 30 ga Yuni, amma sai jiya Talata 8 ga wata da yamma suka iso. Ina tunanin in roƙi shugabar sashen ta ƙara min mako ɗaya, sai dai ina tsoron ta ɗauke ni rago. In nema yanzu ne, ko in fara fafatawa in ga inda zan kai? Kuma me zan rubuta mata?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Ka nema yau Laraba, kafin a tashi daga aiki. Amma kada ka rubuta "mako ɗaya" tukuna, sai ka zauna da takarda da biro ka ga ko makon zai ishe ka, domin ina zargin ba zai isa ba, kuma zan nuna maka dalili a ƙasa. Na daɗe ina kula da ayyukan da ake bayarwa a kan wa'adi, na nemi ƙari a wurin wasu, wasu kuma sun nema a wurina. Abin da na sha gani shi ne neman farko ba ya cika zubar da mutuncin mutum. Na biyu ne ke zubarwa, lokacin da ka zaɓi rana da bakinka, aka amince, sannan ranar ta zo ka dawo da wani uzurin. Saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa a kan ranar ne, wasiƙar kuwa ba ta da wuya idan ranar ta tsaya da ƙafarta.

Abin da ya sa yau ta fi mako mai zuwa

Ranar 18 ga Yuli ba taka ce kai kaɗai ba. Ita ma shugabar sashen ta ɗora wani abu a kanta. Wataƙila akwai taron da za ta gabatar da sakamakon, wataƙila akwai na sama da ita da ta yi wa alkawari, ko kuma wani ma'aikaci na jiran rahoton ya fara nasa aikin. Idan ka sanar da ita yau, tana da fiye da mako guda da za ta yi motsi a ciki: ta ɗage taro, ta rage abin da take buƙata daga gare ka, ta ba ka aron ma'aikaci, ko ta gaya wa na sama da ita tun magana ba ta zama abin kunya ba. Idan ka bari sai Alhamis 17 ga wata, duk waɗannan ƙofofin sun rufe, abin da ka kai mata kawai labarin gazawa ne, kuma ita za ta ɗauki kunyar a gaban wasu. Fushin da ake yi wa masu neman ƙari a ƙurarren lokaci daga nan yake fitowa, ba daga yawan kwanakin da suka nema ba.

Tsoron a ɗauke ka rago kuwa kusan kowa na da shi, kuma yawanci ya wuce kima. Ashley Whillans ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2022 da ya nuna cewa ma'aikata kan zaci shugabanninsu za su raina ƙwarewarsu idan sun nemi ƙarin lokaci fiye da yadda shugabannin ke yi a zahiri. Wannan ya yi daidai da abin da nake ji a raina idan wasiƙar neman ƙari ta zo min da wuri, da lissafi a cikinta. Ba na cewa wannan ya kasa. Cewa nake wannan ya san inda aikinsa yake.

Shawarar "in fara fafatawa in ga inda zan kai" tana da amfani ne kawai idan akwai wani abu da ba ka sani ba yau wanda za ka sani nan da kwana biyu. Kai kuwa babban abin ya riga ya bayyana: ranakun aiki 7 sun tafi daga cikin 15, kuma ba za su dawo ba.

Duba yarjejeniyar kafin komai

Kafin ka taɓa lissafi, ɗauko takardar kwangilar ka karanta ta da idon mai neman abu uku. Ko akwai sharaɗin da ya ce sai ka sanar da jinkiri a cikin kwana kaza. Ko akwai tara ko ragin kuɗi a kan kowace ranar da ka makara. Sannan wa ke da ikon canza ranar. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi tsallakewa. Sau da yawa wadda kake magana da ita kullum tana kula da aikin ne kawai, wanda ya sa hannu a kwangilar wani ne daban, kuma "babu damuwa" da za ta ce maka a waya ba zai hana ofishin kuɗi cire maka tara ba idan takardarsu har yanzu 18 ga Yuli take nunawa.

Batun sanarwa a kan lokaci ba wasa ba ne a manyan kwangiloli. A sharuɗɗan kwangilar gine-gine na FIDIC da ake amfani da su a ƙasashe da dama, ɗan kwangila yana da kwana 28 daga lokacin da ya san abin da ya jawo jinkirin, ko ya kamata ya sani, ya ba da sanarwa a rubuce. Idan ya wuce, haƙƙinsa na ƙarin lokaci ya faɗi, ko da kuwa laifin ba nasa ba ne. Kwangilarka ƙarama ce, mai yiwuwa ba ta da irin wannan sharaɗi, amma masu rubuta ƙananan kwangiloli kan kwaikwayi manyan, don haka ka duba. Idan ka tarar da sharaɗin tara mai nauyi ko wanda ya ɗaure maka kai, fassararsa aikin lauya ne, ni abin da zan iya ba ka shi ne tsarin aiki.

Yadda ake fitar da ranar

"Mako ɗaya" ba daga lissafi ya zo maka ba. Ya zo ne daga abin da kake ganin za ta iya haɗiyewa ba tare da ɓacin rai ba. Haka kusan kowa ke yi: yana auna haƙurin mai aikin maimakon ya auna aikin. Sai ya nemi kaɗan don kada a ga zaƙewarsa, kaɗan ɗin kuma ya gaza.

A juya lissafin. Ka manta da 18 ga Yuli na ɗan lokaci, ka rubuta duk abin da ya rage tsakanin yau da miƙa rahoton, mataki bayan mataki, da ranakun aikin da kowanne zai ci. Zan sa alƙaluman da suka dace da matsakaicin rahoto irin wannan, kai ka maye gurbinsu da naka. Tantance bayanan da gyara su, kwana 3. Nazari da fitar da jadawalin sakamako, kwana 4. Rubutu, kwana 4. Wani ya karanta ya duba kurakurai, kwana 2. Gyaran ƙarshe da tsara shafuka, kwana 1. Jimla ranakun aiki 14.

Yanzu ka ɗora su a kan kalanda, ranakun aiki kawai, Litinin zuwa Juma'a. Tantancewa ta ɗauki 9, 10 da 11 ga wata. Nazari ya ɗauki Litinin 14 zuwa Alhamis 17. Rubutu ya fara Juma'a 18, ya ci gaba 21, 22 da 23. Mai dubawa ya karɓa 24 da 25. Gyaran ƙarshe ya faɗa Litinin 28 ga Yuli. Ka ga makon da kake son roƙa zai kai ka Juma'a 25 ne, ranar da rahoton ke hannun mai dubawa, ba a gyara komai ba. Wato ko komai ya tafi lami lafiya, da kwana ɗaya za ka gaza, kuma sai ka zaɓi tsakanin miƙa abin da ba a gyara ba da komawa wurinta karo na biyu.

Kuma komai ba ya tafiya lami lafiya. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun yi bayani tun 1979 a kan yadda mutane ke rage wa aikinsu lokaci idan suna ƙiyasi, ko da sun sha ganin irin aikin ya wuce ƙiyasinsu a baya. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban jami'a yaushe za su gama kundin bincikensu. Matsakaicin ƙiyasinsu kwana 34 ne, abin da ya ɗauke su a zahiri kimanin kwana 55, kuma waɗanda suka gama a cikin lokacin da suka faɗa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Dalilin shi ne mai ƙiyasi yana hango aikin yana gudu a kan hanya mai kyau, ba ya hango katsewar da za ta zo, tun da bai san siffarta ba tukuna. Maganin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: ka tuna rahoton ƙarshe da ka yi mai kama da wannan, ka duba kwana nawa nazarinsa ya ci a gaske, daga ranar da ka buɗe fayil zuwa ranar da ka rufe. Wannan adadin za ka rubuta, ko da zuciyarka na ce maka wannan karon za ka fi sauri.

Bayan haka sai rara. Ba na son a watsa rara a kan kowane mataki, kwana ɗaya nan rabin kwana can, domin tana narkewa ba tare da ka san inda ta shiga ba. Ka nemi matakin da ya fi haɗari, ka tambayi kanka idan ya lalace kwana nawa zai ƙara, ka ajiye wannan adadin a ƙarshen jadawalin. A aikinka matakin nan shi ne tantance bayanai. Bayanan da suka makara har suka cinye ranakun aiki 7 sau da yawa an haɗa su ne cikin gaggawa, kuma gaggawar kan bar alama: wani reshe ya turo rabi, wani ya yi amfani da tsohon fom, an shigar da mutum ɗaya sau biyu, an bar wasu tambayoyi babu amsa. Idan kwana 3 ya zama 5, rararka kwana 2 ce. Ranar da za ka nema ta zama Laraba 30 ga Yuli.

Akwai abin da zai rage maka wannan duhun tun yau, kuma ina ganin shi ne ya fi komai muhimmanci kafin ka aika wasiƙar. Ka ɗauki awa biyu ka buɗe fayilolin. Ƙirga rassan da suka turo, ka kwatanta da waɗanda ya kamata su turo. Ƙirga amsoshin kowane reshe. Duba ko tambayoyin iri ɗaya ne a dukkansu. Zaɓi layuka kamar ashirin daga wurare daban-daban ka karanta su ɗaya bayan ɗaya. Idan ka tarar reshe biyu ba su turo komai ba, to lissafin da muka yi ya rushe, domin ranar gamawarka ta rataya ne a kan abin da ba ya hannunka. A irin wannan hali ba ka ba da rana ɗaya tsayayya. Sai ka ce: idan sauran bayanan sun iso nan da Juma'a 11 ga wata, zan miƙa ranar 30, kowace ranar aiki da suka ƙara makara kuma za ta tura miƙawar da rana ɗaya. Ko ka ba ta zaɓin a rubuta rahoton ba tare da rassan biyu ba, a bayyana haka a cikinsa.

Sauran abu ɗaya a lissafin: mai duba maka rahoton. Ka kira shi ka tabbatar yana nan ranar 24 da 25. Da aka tsara aikin da farko ya ware maka wasu ranaku ne daban, kuma babu tabbacin sababbin ranakun ba su faɗa cikin tafiyarsa ko wani aikinsa ba. Haka ma kanka: idan kana da wani aikin da ka yi alkawarin farawa ranar 21 bisa zaton ka gama wannan, to ranakun 21 zuwa 28 ba cikakku ba ne, sai ka gyara lissafin ko ka matsar da wancan.

Ko za a iya cim ma ranar farko?

Za ta tambaye ka wannan, don haka gara ka tambayi kanka tukuna. Kana da ranakun aiki 8, kana buƙatar 14, giɓin 6 ne. Idan ka haɗa da Asabar da Lahadi na 12 da 13 ka samu 2, saura 4. Aikin dare zai iya ba ka wani abu, amma nazarin alƙaluma da ido mai barci shi ke haifar da kuskuren da ba a gani sai a tsakiyar taro, lokacin da wani ya lura jimlar jadawali ba ta kai ɗari ba. Ɗauko mataimaki ma ba ya rage lokaci yadda ake zato. Fred Brooks ya faɗa tun 1975, a kan aikin rubuta manhajar kwamfuta, cewa ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi, domin sabon zuwa sai an koya masa, kuma mai koyarwar shi ne wanda ba shi da lokaci. A naka aikin mataimaki zai yi amfani a tantancewa kawai, inda za a iya raba fayiloli. Nazari da rubutu suna bin juna ne a kai ɗaya, ba a fara rubuta sakamakon da bai fito ba.

Abin da za ka iya cim ma ranar 18 shi ne wani ɓangare, kuma jadawalinka ya riga ya nuna wanne. Nazari yana ƙarewa Alhamis 17. Ke nan ranar Juma'a za ka iya miƙa manyan jadawalan sakamako da taƙaitaccen bayani na shafi biyu, wanda dama yana cikin rubutun da za ka yi, ba ƙarin aiki ba ne. Sau da yawa wannan shi ne ainihin abin da mai aikin ke buƙata a ranar, cikakken rahoton kuwa na ajiya ne da na rabawa daga baya. Ka rubuta a kansa ƙarara cewa sakamakon farko ne, ba a kammala dubawa ba, don kada wani ya ɗauki alƙaluman ya buga su a matsayin na ƙarshe.

Dalilin da za ka bayar

Dalilinka mai ƙarfi ne, tun da jinkirin daga ɓangarensu ya fito, kuma haɗarinsa ke nan. Mutum idan yana da gaskiya yakan so ya shimfiɗa ta da faɗi, ya lissafa sau nawa ya tuna musu, wa ya yi shiru, wa ya yi alkawari ya saɓa. Kada ka yi. Ka faɗi ranar da aka tsara bayanan za su zo, da ranar da suka zo, da ranakun aikin da ke tsakani. Jimla biyu sun isa, kuma ita da kanta za ta gane inda matsalar take. Mai yiwuwa ma ba ta san rassan sun makara ba. Idan ka zo da zargi, za ta koma kare mutanenta, maganar ta tashi daga rana ta koma kan wa ya yi laifi. Saƙonnin tunatarwar da ka aika musu ka adana su a wuri ɗaya, za su yi amfani idan batun tara ya taso, amma ba kayan wasiƙar farko ba ne.

Dalili ɗaya ya fi uku. Idan ka ce bayanai sun makara, kwamfutarka ta lalace, sannan ba ka ji daɗi ba, mai karatu zai ji kamar kana tara duwatsu ne don ka san babu ɗaya mai nauyi a cikinsu. Ga wanda jinkirin nasa ne kuwa, misali ya raina girman aikin, jimla ɗaya ta gaskiya ta wadatar: na ƙiyasta nazarin zai ɗauki kwana kaza, ya ɗauki fiye da haka, ga inda nake yanzu. Ƙirƙirar rashin lafiya ko rasuwa kuskure ne babba, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da aka gane, har uzurinka na gaskiya ba zai sake karɓuwa ba. Idan kuma larura ce ta gida da gaske, ba dole ka buɗe cikinta ba, ka ce larurar iyali ta ɗauke ka kwana kaza, ka wuce zuwa ga rana.

Wasiƙar

Idan kuna da sabo, ka kira ta a waya tukuna, minti biyar, don kada labarin ya fara riskarta a rubuce, kuma a nan za ka tambaye ta ko akwai abin da ke jiran rahoton a ranar 18. Amsarta na iya canza tayinka. Bayan wayar sai imel, ko da ta ce ta yarda. A kan saƙon ka rubuta wani abu kamar "Rahoton binciken abokan hulɗa: neman matsar da ranar miƙawa zuwa 30 ga Yuli", yadda ko ba ta buɗe ba ta san abin da ake nema. Ga yadda zan rubuta cikinsa:

"Ranki ya daɗe, barka da aiki. Ina neman a matsar da ranar miƙa rahoton daga Juma'a 18 ga Yuli zuwa Laraba 30 ga Yuli. An tsara bayanan rassa za su iso ranar 30 ga Yuni, sun iso ranar 8 ga Yuli da yamma, wato ranakun aiki 7 sun fita daga cikin 15 da aka ware. Na duba fayilolin yau, duk rassan sun turo. Abin da ya rage shi ne tantancewa, nazari, rubutu, dubawa da gyara, ranakun aiki 14, na kuma ƙara 2 saboda gyaran da bayanan ka iya buƙata. Ranar 18 ga Yuli zan turo manyan jadawalan sakamako da taƙaitaccen bayani na shafi biyu a matsayin sakamakon farko. Wannan canji bai shafi kuɗin kwangilar ba. Idan akwai abin da ranar 30 za ta ci karo da shi a ɓangarenku, ku sanar da ni mu duba abin da za a iya ragewa. Ina roƙon amsarku nan da Juma'a 11 ga wata, don in san tsarin da zan bi a mako mai zuwa. Na gode."

Ka lura buƙatar ce ta zo a layin farko, da ranar mako da kwanan wata duka biyun, domin "ƙarshen wata" ko "nan da mako biyu" kowa da yadda zai fassara su. Babu dogon ban haƙuri. Maganar kuɗi kuma na sa ta da gangan: tambayar farko da ke zuwa ran mai ba da kwangila idan an nemi ƙarin lokaci ita ce ko ƙarin kuɗi na biye. Idan ba ka neman ƙari, faɗa, ka sauke mata wannan nauyin. Idan kana ganin jinkirin ya jawo maka asarar da ya kamata su biya, cire jimlar gaba ɗaya, ka tayar da batun a wata wasiƙar daban bisa abin da kwangilar ta tanada, don kada ka yafe haƙƙinka a rubuce ba da niyya ba. Jimlar "duk rassan sun turo" ma sai ka tabbatar da ita kafin ka rubuta.

Idan ta ƙi, ko ta yi shiru

Za ta iya cewa 30 ta yi nisa, ka kawo 25. Kada ka amsa da "to, zan yi ƙoƙari". Wannan kalmar alkawari ce a kunnenta, kai kuma ka san lissafi bai ba ka ba. Ka ce mata 25 za ta yiwu idan aka cire wani abu, ka faɗi abin: a bar nazarin reshe-reshe a tsaya kan sakamakon ƙungiyar baki ɗaya, ko a kawo rataye daga baya, ko ta ba ka mutum ɗaya da ya san fom ɗin ya taya ka tantancewa gobe da jibi. Abin da ba zan ba ka shawarar cirewa ba shi ne kwana 2 na mai dubawa, ko da yake shi ne ya fi sauƙin yankewa, don babu wanda zai ga an yanke shi sai kuskuren ya fito.

Shiru kuwa ba amincewa ba ne. Har sai ka samu amsa a rubuce, 18 ga Yuli na nan daram, kuma ka ci gaba da aiki a kan haka. Idan Juma'a 11 ta yi ba ka ji komai ba, ka kira, ko ka sake turo saƙon da layi ɗaya a samansa.

Duk wannan ya shafi wa'adin da mutum ne ya sa shi kuma yana da ikon ɗage shi. Akwai waɗanda ba haka suke ba: ranar rufe karɓar takardun neman kwangila, ranar da kotu ta yanke, ranar taron da aka riga aka gayyaci jama'a, ko ranar da mai ba ƙungiyar tallafi ya gindaya mata. Idan rahotonka yana rataye da irin wannan, shugabar sashen ba za ta iya ba ka ko kwana ɗaya ba komai son ta da hakan, kuma tattaunawar ta koma kan abin da zai shiga rahoton a cikin ranaku 8 da abin da za a bari. Wannan ma dalili ne na tambayarta a waya tun farko.

Idan ta amince, ka mayar da saƙo gajere mai maimaita ranakun biyu, 18 don sakamakon farko, 30 don cikakken rahoto, ka kuma tambaya ko kwangilar na buƙatar takardar gyara da sa hannun wanda ya sa hannu a ta farko. Sannan ka riƙe jadawalinka na ciki a kan 28, ba 30 ba. Ma'auninka na farko yammacin Juma'a 11 ne: idan tantancewa ta ƙare a ranar, kana kan hanya. Idan ta tsallaka zuwa Talata 15, rararka ta ƙare, ranar 30 na nan amma sakamakon farkon ba zai fito ranar 18 ba sai Talata 22, kuma a ranar Talata 15 ɗin za ka sanar da ita.